Yadda ake sa iska ta bayyana a rendar falo: fanka, tagar nako da labule

Rendar falo ta farko, wato hoton falo da ake haɗawa a kwamfuta, da na kai wa wani Alhaji a Sabon Garin Zinder, shekaru kaɗan da suka wuce, ban manta abin da ya faru da ita ba. Na kwana biyu ina gyaran labule har suka yi kyau, na hagu ya kumbura ya shigo ɗaki, na dama shi ma ya kumbura ya shigo. Alhaji ya ce madalla. Sai tsohon maginin da zai yi aikin ya karɓi wayar, ya nisanta ta da ido, ya ce: "Yaro, iskar nan duk shigowa take yi. Ta ina za ta fita?" Ban da amsa. Shi bai taɓa kunna kwamfuta ba, amma ya san iska ba ta shiga ɗakin da ba ta da mafita.

Matsalar ke nan. Iska ba ta da kamanni, sai dai a ga abin da ta taɓa. Don haka aikinka a renda shi ne ka yanke shawara ɗaya: wane wata ne, ƙarfe nawa, iska daga ina take tahowa. Daga nan fanka da taga da labule da hasken rana duk su bi wannan shawara. Zan bi aikin da falo guda, da manhajar Blender da injin renda na Cycles, domin kyauta ce kuma ita yawancinmu muke da ita. Mai aiki da wata manhaja, lissafin bai canza ba, sunayen maɓallai ne kawai za su bambanta.

Fara da wata da sa'a, kafin ka zana komai

Hotunan falon ƙasashen zafi da ke yawo a intanet yawanci na bakin teku ne, inda zafi ke haɗe da laima, tagogi a buɗe dare da rana. Damagaram ba haka take ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mai hankali rufe tagoginsa yake yi da rana, ya buɗe da dare. Iskar tsakar rana ta bazara ta fi fatar jiki zafi, shigo da ita ƙara wuta ne. A hunturu kuma iska daga arewa maso gabas take tahowa da ƙura, ba wanda ke wage taga yana maraba da ita. Idan ka nuna wa mutumin Zinder falo da tagogi a wage da rana tsaka, ga hasken bazara fari fat a waje, zai ji hoton bai zauna masa ba ko da bai iya faɗin dalili ba.

Lokacin da ya dace shi ne damina, musamman ƙarshenta, sa'ad da iskar yau da kullum ke tahowa daga kudu maso yamma. Hadari kam daga gabas yake tasowa, amma ba hadari muke zanawa ba. Ni na zaɓi 10 ga Satumba, ƙarfe 5 na yamma, bayan la'asar, lokacin da ake dawowa falo a zauna.

Falon namu mita 4 ne daga yamma zuwa gabas, mita 6 daga kudu zuwa arewa, silin mita 3.2. Bangon yamma yana da taga, bangon gabas yana da taga da ƙofar da ke fita tsakar gida. Iska za ta shiga ta yamma ta fita ta gabas. Kyamara za ta tsaya a kudu tana kallon arewa, wato a hoton iska tana tafiya daga hagu zuwa dama. Ka rubuta wannan a takarda ka manna a gefen kwamfuta, domin bayan awa shida kana aiki za ka manta.

Na san tagar yamma ba abin so ba ce a wannan gari, ranar la'asar tana dafa ɗaki. Amma fili ne ke yin hukunci, kuma filin Alhaji yamma yake kallo. Wannan ma shi ne dalilin sa taga mai faranti maimakon gilashi guda.

Mataki na farko: mashiga da mafita

Ka buɗe tagar yamma faɗin mita 1.5, tsayi mita 1.2, ƙasanta yana mita 0.9 daga daɓe, samanta yana mita 2.1. Ta gabas ka yi ta daidai da wannan ko ta ɗan fi girma. Idan mafita ta fi mashiga ƙanƙanta, iska takan yi sanyin jiki a cikin ɗaki. Idan ta fi ta girma, iskar da ke shigowa takan ƙara gudu a bakin taga.

Kada ka sa tagogin biyu su kalli juna daidai wa daida. In ka yi haka iska za ta bi ta miƙe kamar an ja zare, sauran ɗakin ya zauna shiru. Ka ja ta yamma kusa da kyamara, ta gabas ka tura ta can ciki wajen arewa, yadda hanyar iska za ta ratsa ta kan kujeru a karkace. Ga hoto ma wannan ya fi, domin ido zai bi layin daga gaba hagu zuwa can dama.

Abin da aka fi mantawa shi ne abin da ke bayan taga. Idan katangar maƙwabci tana tsaye mita ɗaya daga tagar yamma, ta kuma fi ta tsawo, labulen da ka kumbura ƙarya yake yi. Ka bar fili, ka sa bishiyar dogon yaro nesa kaɗan, a ga ganyenta ta tsakanin faranti. Ƙofar tsakar gida kuma ka bar ta a buɗe rabi, ka sa wani abu ya tokare ta, ko dutse ko ƙaramar kujera. Duk gidan da iska ke ratsawa akwai abin tokare ƙofa, domin in babu shi bugawa take yi. Wannan ɗan dutsen ya fi kibiyoyi goma masu launin shuɗi na nuna hanyar iska bayani.

Mataki na biyu: farantan taga

Nako da muke cewa, wadda wasu ke kira luba, faranti ne na gilashi jere a cikin maƙalan ƙarfe, da hannu a gefe na buɗewa da rufewa. Akwai kuma ta ƙarfe zalla da masu walda ke yi. Wadda za ka zana ta dogara da abin da za a sa a gidan, amma ka san bambancinsu a haske: gilashi garau kusan ba ya yin inuwa, gilashi mai hazo yana watsa haske ya yi laushi, ƙarfe ko katako shi ke zana layuka a ƙasa. A wannan falo na ɗauki na ƙarfe a yamma saboda rana, na gilashi a gabas.

Zana faranti ɗaya, faɗinsa santimita 10. Ka sa masa Array modifier, ka kashe Relative Offset, ka kunna Constant Offset da 0.09 a Z, Count kuma 13. Tazarar santimita 9 ga faranti mai faɗin 10 tana nufin idan an rufe, kowanne zai hau kan na ƙasa da santimita ɗaya, kamar yadda take a zahiri. Sha uku sau tara ya ba ka santimita 117, ya cika tagar.

Ga inda ake faɗuwa. In ka juya farantin a Object Mode, jerin gaba ɗaya zai karkace ya fita daga taga kamar tsani. Ka shiga Edit Mode ka juya shi a can, sai kowanne ya juya a mazauninsa, jerin ya tsaya a miƙe.

Wane gefe ne ke ƙasa? Na waje. Bakin faranti na waje yana sunkuyawa, na ciki yana ɗagawa, don ruwan sama ya zube waje. Na ga renda masu tsada da aka juya wannan, wato taga mai tara ruwa tana zubawa a kan kujera. Kuma wannan karkatar tana da sakamako ga iska: tana tura ta sama wajen silin. Faranti a kwance sosai shi ke kai iska ga wanda ke zaune. Saboda haka na fi son in raba jerin biyu, bakwai a ƙasa, shida a sama, kowane rukuni da hannunsa. Na ƙasa kusan a kwance, na sama a karkace. Haka mutane ke barin tagoginsu, ba wanda ke auna su da ma'auni. Idan kana da haƙuri, ka yi Apply ga modifier ɗin a ƙarshe, ka karkatar da faranti ɗaya ko biyu da digiri biyu ko uku fiye da sauran, domin maƙalan nako suna saki da tsufa.

Kada ka bar sandunan tsaro da wayar sauro. Babu falo a Zinder da za a bar taga a buɗe da yammacin damina ba tare da waya ba. Ba sai ka zana zarenta ɗaya bayan ɗaya ba: shafi ɗaya ya isa, da Mix Shader tsakanin Transparent BSDF da Diffuse BSDF mai duhu, kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar na duhun. Za ta ɗan dusashe abin da ke waje, kuma haka ido ya saba gani.

Ga na gilashin gabas akwai wata matsala ta Cycles. Glass BSDF yana tare hasken da ya kamata ya ratsa shi kai tsaye, ɗaki ya yi duhu ya cika da ɗige-ɗige. Maganinsa, ka haɗa Glass BSDF da Transparent BSDF a Mix Shader, ka jona Is Shadow Ray na Light Path a Fac. Ka ba bakin gilashin ɗan kore, domin ta baki ake gane gilashin nako.

Mataki na uku: rana, da lissafin layukan haske

Nan ne na fi son a daɗe, domin nan ne hoto ke zama na Zinder ko na wani gari.

Akwai ƙarin manhaja mai suna Sun Position. A tsofaffin Blender tana zuwa a ciki sai dai ka kunna ta, daga 4.2 kuma ta Get Extensions ake sauko da ita. Za ka same ta a World Properties. Ka zaɓi fitilar Sun ɗinka, ka cika:

```
Latitude   13.8
Longitude  8.99
UTC Zone   1
```

Sai ka sa kwanan wata da sa'a. Ka tabbata arewar gidanka tana kallon +Y, in ba haka ba ka gyara da North Offset. A ranar 10 ga Satumba ƙarfe 5, za ka ga rana tana yamma sak, ta ɗaga kamar digiri 21 daga ƙasa. Ƙarfe 4 kuwa tana wajen digiri 35. Wannan awa ɗaya ita ce bambancin samun layukan haske da rashinsu, ga yadda abin yake.

Hasken da ke saukowa da digiri 35 yana faɗuwa santimita 7 kafin ya ratsa faɗin faranti mai santimita 10. Tazara tara ce, saura biyu. Wato ko farantan suna kwance sosai, siririn layi ne zai wuce. In ka karkata su da digiri 15, abin da suke tarewa ya kai santimita 9.4, ya wuce tazarar, ba hasken da zai shiga ko kaɗan. Mutane da yawa a nan suke ƙara ƙarfin rana suna mamakin me ya hana layuka fitowa, alhali taga ce ke yin aikinta. A digiri 21 kuwa faranti a kwance yana tare santimita 3.8 ne kawai, ya bar sama da biyar. Mai karkatar digiri 15 yana tare 6.3, ya bar 2.7. Ga lissafin ga mai son gwada wasu kusurwoyi, `w` faɗin faranti, `t` karkatarsa, `a` tsayin rana:

```
w * (sin(t) + cos(t) * tan(a))
```

In amsar ta kai tazarar farantan ko ta wuce, babu layi. Lissafin na ranar da ke fuskantar taga kai tsaye ne, kamar tamu.

To ina hasken zai sauka? Wanda ya bi ta ƙasan taga zai taɓa daɓe kamar mita 2.3 daga bangon yamma. Wanda ya bi ta samanta ba zai kai ƙasa ba, zai bugi bangon gabas kamar santimita 60 daga daɓe. Ke nan layukan za su fara bayan tsakiyar ɗaki, su bi ƙasa, su hau bango. A ƙasa za su miƙe su yi faɗi, tazararsu ta kai kusan santimita 24, a bango kuma su koma tara. Idan kujera tana wurin za su karye a kanta. Ka shimfiɗa kafet ko tabarma inda za su faɗa, domin karo mai sheƙi yana haɗiye su.

Sai kaifin layin. A fitilar Sun akwai Angle, ka sa shi wajen 0.5, wanda shi ne girman rana na gaskiya a sama. Da wannan, bakin inuwa yana yin laushi kusan santimita ɗaya a kowace mita da haske ya yi tafiya. Layukan rukunin ƙasa, masu faɗi kuma na kusa, za su fito sarai. Na rukunin sama, sirara masu tafiyar mita huɗu, za su kusa narkewa a jikin bango. Kada ka gyara wannan, haka yake a ido. In ka mayar da Angle sifili za su yi kaifi kamar an yanka da reza, nan take a gane aikin kwamfuta ne. In ka kai shi 5, duk za su ɓace.

Mataki na huɗu: fanka

Fankar da ke gidajenmu mai fukafuki uku ce na ƙarfe, fara ko ruwan ƙasa, faɗin zagayenta mita 1.4 ko 1.2. Ka bar waccan mai fukafukin ganyen kaba da ake saukowa da ita daga intanet, sai in mai gida ya ce ita zai saya. Ka rataye ta da sandarta yadda fukafukan za su tsaya kamar mita 2.6 zuwa 2.7 daga ƙasa. A silin mai mita 3.2 wannan ya bar rabin mita a sama, inda za ta jawo iska. Fankar da aka manna da silin ba ta da abin turawa. Bakin fiffike kuma ya nisanci bango da aƙalla rabin mita. Ka sa ta bisa wurin zama, domin fanka ba ta sanyaya ɗaki, jikin mutum take sanyayawa. Falo mai tsawon mita 6 zai iya ɗaukar biyu, amma a hoto ɗaya ta fi tsabta idan kujerun a tattare suke. Kada ka sa ƙwan fitila a silin bisa fukafukai, duk wanda ya zauna ƙarƙashin irin wannan ya san yadda haske ke ƙyaftawa har kai ya yi ciwo. Ka sa akwatin rage gudu a bango kusa da ƙofa, tare da makunnin fitila.

Fanka a tsaye cak tana cewa an ɗauke wuta. Fankar da ta zama faifai mai hazo kuma ba a gane ta. Abin da ake nema yana tsakani, kuma ana iya lissafa shi.

Ka ɗauki matsakaicin gudu, zagaye 120 a minti. Wato zagaye biyu a daƙiƙa, digiri 720. A firam 24 cikin daƙiƙa, kowane firam digiri 30 ne. Ka haɗe fukafukan uku da kan injin su zama abu ɗaya, Origin ɗinsa a tsakiyar sanda, sannan a akwatin Rotation Z ka rubuta:

```
#frame*-0.5236
```

Lambar 0.5236 ita ce digiri 30 a ma'aunin radiyan, wanda shi Blender ke karantawa a irin wannan rubutu. Alamar ragewa tana sa ta juya saɓanin agogo ga mai kallo daga ƙasa, yadda yawancin fankoki ke yi in suna turo iska ƙasa. Ka duba fiffikenka: bakin da ke gaba a tafiya shi ne ya kamata ya ɗaga, na baya ya sunkuya.

Yanzu a Render Properties ka kunna Motion Blur. Shutter yana zuwa a 0.5, wato rabin firam, digiri 15. A bakin fiffike, mita 0.7 daga tsakiya, digiri 15 tafiyar santimita 18 ce, ta ɗan fi faɗin fiffiken kansa. Sakamakon shi ne kusa da inji fiffiken yana nan da jikinsa, bakinsa kuma ya yi shara-shara ana hango silin ta cikinsa. Ni wannan nake so. In mai gida yana son a ga irin fankar sosai, ka sauke Shutter zuwa 0.25.

Abu biyu ke lalata wannan. Na ɗaya, in ka yi amfani da keyframe maimakon rubutun can, Blender yana fara motsi a hankali ya ƙare a hankali, sai ka yi renda a firam na farko ka ga fanka a tsaye. Ka mayar da Interpolation zuwa Linear. Na biyu, in fukafukan daban-daban suke, kowanne da Origin ɗinsa nesa da sanda, hazon zai iya fita a miƙe maimakon ya lanƙwasa. In ka ga haka ka haɗe su, ko ka ƙara Steps a sashen Motion Blur na Object Properties.

Mai yin bidiyo ya ƙara kula da wannan: fukafukai uku suna maimaita kansu kowane digiri 120, don haka da zarar gudu ya wuce digiri 60 a firam, wato zagaye 240 a minti, fanka za ta zama kamar tana juyawa da baya. Ka tsaya ƙasa da haka.

Ɗan datti kaɗan a bakin gaba na kowane fiffike, launin jar ƙasa, yana taimakawa. Kaɗan fa. Hajiya ba za ta so a nuna falonta da ƙura ba tun ba a gina shi ba.

Mataki na biyar: labule, wanda shi ne shaidar iska

Mu koma ga tambayar tsohon magini. Labulen mashiga yana kumbura ya shigo ɗaki. Labulen mafita iska tana jan sa ya manne da sandunan taga, har a ga shatarsu a jikinsa. Waɗannan biyu tare su ne ke cewa iska ratsawa take yi. Ɗaya kaɗai bai isa ba.

Ka yi amfani da yadi marar nauyi. Labule mai kauri irin na ɗakin amarya iskar la'asar ba ta ɗaga shi. Zana shafi, ka raba shi ƙanana kamar santimita 2 zuwa 3 kowane gida, ka lanƙwasa shi ya yi ninki, ka zaɓi layin sama ka yi masa Vertex Group, ka sa Cloth, ka ba shi wannan rukuni a Pin Group da ke ƙarƙashin Shape. Bango da sandunan taga da kujerar da ke kusa ka sa musu Collision, in ba haka ba labulen gabas zai ratsa ƙarfe ya fita waje.

Sai ka ƙara Force Field irin Wind. Yana hurawa ta inda kibiyarsa ke nunawa, ka juya shi ya kalli gabas, ya ɗan karkata arewa. Wind ɗaya tak ga labulen biyu. Kuskurena na farko shi ne na ba kowane labule nasa. Strength ba ya da lamba ɗaya da za ta yi wa kowa, ya dogara da nauyin yadi da yawan gidajen da ka raba, kuma yakan buƙaci lamba babba kafin yadi ya motsa. Ka riƙa ninkawa har gindin labulen yamma ya baro bango da santimita 25 zuwa 40. Ya wuce haka, ka zana hadari, kuma da hadari rufe taga ake yi. Ka ƙara Noise Amount kaɗan don kada ya tsaya kamar allo.

Ka yi Bake na firam ɗari, ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Firam ashirin na farko ka watsar, yadi yana neman zama ne. Ka nemi inda labulen yamma ya cika ya fara dawowa, a nan ninkinsa ya fi kyau. Ka ja shi gefe ɗaya ya rufe sulusin taga kawai, domin in ya rufe duka ya cinye layukan hasken da ka sha wahalar lissafawa.

Bayan labule, shaida ɗaya ko biyu sun isa. Kalanda a bangon arewa, kusurwar takardarta ta hagu ta ɗaga. Littafi a buɗe a kan tebur ƙarƙashin fanka, shafi ɗaya ya tashi. Duk su karkata gefe guda. Takardu masu tashi sama da ganye mai yawo a ɗaki, bar wa masu talla.

Kyamara da dubawar ƙarshe

Ka tsayar da kyamara mita 1.2 daga ƙasa, Focal Length 24, Rotation X daidai 90 don bangaye su tsaya a miƙe. A hoto mai fasalin 3 bisa 2, daga nisan mita uku, saman hoton zai tsaya a mita 2.7, wato zai yanke fanka a wuya. Kada ka ɗaga kan kyamara, bangaye za su kifa. Ka sa Shift Y a 0.1, sai saman ya kai kusan mita 3.15, fanka da sandarta su shigo. Tagogin biyu dole su fito a hoto ɗaya, ko da ta gabas rabinta ne.

A Color Management ka bar View Transform a AgX ko Filmic, ka daidaita Exposure da cikin ɗaki. Waje zai fi haske, haka ya kamata, amma a iya gane koren dogon yaro. In taga ta zama fari fat, farantan da ka jera sun narke a ciki.

Kafin renda babba, ka fitar da ƙarama, ka tura ta wayarka, ka miƙa wa wanda bai san aikin ba. Ni ƙanwata nake ba. Tambaya ɗaya nake mata: iska daga ina take shigowa? In ta nuna hagu ba tare da ta tsaya tunani ba, sai in ƙara Samples in bar kwamfuta ta kwana tana aiki. Ranar da na gwada ta da wannan falon ta nuna hagu, sannan ta ce, "Yaya, amma wa ya bar buta a kan kafet?" Na ɗauke butar na mayar da ita bakin ƙofar tsakar gida, kusa da dutsen tokare.